Yadda ake buɗe saƙo da rufe shi gwargwadon wanda ake rubuta wa

Duk wanda ya zauna a ajin Hausa ya haddace tsarin nan: "Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda nake a nan lafiya. Maƙasudin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne..." A ƙasa kuma a rufe da "Naka mai ƙaunarka har kullum." Lokacin da takarda ke yin kwana da kwanaki a gidan waya ko a aljihun direba, wannan fata yana da amfani, don mai rubutu bai san halin da takardarsa za ta tarar da mutum ba. Yanzu kuwa wanda kuka rabu da shi a masallaci da azahar ne zai turo maka wannan jimla da la'asar. Masu imel da Turanci ma suna da tasu, wadda ke fatan saƙo ya sami mutum lafiya, kuma ita ma ido tsallake ta yake yi.

Na daɗe ina tsara wa mutane wasiƙu da saƙonni a nan Gombe, na ofis da na 'yan kasuwa da na dangi. Abin da na lura shi ne, layin farko da layin ƙarshe su ne ke faɗa wa mai karatu matsayin da ka ɗauke shi da matsayin da ka ɗauki kanka. In ka kuskure su, ko buƙatarka mai kyau ce sai an karanta ta da ɗaure fuska.

Kayan aiki

Kafin ka taɓa biro ko waya, ka tanadi waɗannan:

Cikakken sunan mutumin da laƙabin da ake kiransa da shi a bainar jama'a, ko Alhaji ne, ko Hajiya, Malam, Malama, Dakta, Fasto, ko wata sarauta.

Saƙon ƙarshe da ya shiga tsakaninku, in akwai. Ka duba yadda shi ya buɗe nasa da yadda ya rufe.

Labari guda na gaskiya da ka sani game da shi a 'yan kwanakin nan: tafiya, biki, jinya, rasuwa, ƙarin girma, girbi.

Allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ. Gboard yana da Hausa, sai dai ka ƙara ta a jerin harsuna. In wayarka ba ta da shi, rubuta haka nan, amma ka sake karantawa a hankali, don "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne.

Mataki na 1: Tsayar da matsayinku

Tambayi kanka abu biyu. Wane ne babba tsakaninku, a shekaru ko ilmi ko muƙami? Kuma me ya haɗa ku, jini ne, ko aiki, ko ciniki, ko karatu? Inda aka fi rikicewa shi ne wurin da dangantaka biyu suka haɗu a kan mutum ɗaya. Bappanka ne, kuma shi ne shugaban ma'aikatarku. A nan maganar da ke cikin saƙon ita ce alƙali. In takardar neman hutu ce da za ta shiga fayil, shugaba kake rubuta wa, ko da a gidansa ka tashi. In sanar da ranar ɗaurin aure ne, Bappa kake rubuta wa.

Mataki na 2: Fara rubuta buƙatar

Kada ka fara da gaisuwa. Rubuta abin da ya sa ka ɗauko waya, cikin jimla biyu ko uku, ka ajiye. Sai ka san nauyin maganar za ka san yawan gaisuwar da za ta ɗauka. Tun a nan ka goge "maƙasudin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne", don komai ya biyo bayanta zai iya tsayawa ba ita. "Ina neman izinin kwana uku daga ranar Litinin" ya wadatar.

Mataki na 3: Maye gurbin "da fatan kana lafiya"

Wannan ba yana nufin a daina gaisuwa ba. Bahaushen da ka faɗo masa da buƙata babu gaisuwa zai ce ba ka da tarbiyya, kuma yana da gaskiya. Abin da za ka yi shi ne ka rubuta gaisuwar da za ka yi masa da baki in kun haɗu a ƙofar gidansa yau. Ba ka taɓa tarar da wanda ya aurar da 'ya jiya ka ce masa kana fatan yana lafiya kamar yadda kake lafiya. Cewa kake yi, "Ya gajiyar biki? Ya aka ji da jama'a?" To, shi za ka rubuta.

Ɗauko labarin nan da ka tanada. Wanda ya dawo daga Bauchi ko Yola, "An dawo lafiya? Ya gajiyar hanya?" Wanda ke jinyar mahaifiyarsa, "Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Wanda aka yi wa rasuwa, ko an yi wata guda, "Ya ƙarin haƙuri?" Wanda aka yi wa haihuwa, "Barka da arziki, Allah ya raya." Manomin rani a Dadin Kowa, ka tambaye shi ya shinkafa, ya ruwa. Ɗan kasuwa, ya kasuwa. Cikin azumi, ya ibada. Layi ɗaya ne kawai, amma mai karatu zai gane shi aka rubuta wa, ba kowa da kowa ba.

Akwai tarko uku a nan. Na farko, "ya jiki?" tambayar marar lafiya ce. In ka tura wa mai ƙoshin lafiya, zai fara tunanin wa ya ce maka ba shi da lafiya. Na biyu, labarin da ka ji a bakin wasu, irin su rabuwar aure ko rasa aiki ko ciwon da mutum bai bayyana ba, ba a gaisuwa da shi, balle a zauren WhatsApp inda mutum hamsin ke gani. Na uku, gaisuwar lokaci. "Barka da asuba" ta dace da saƙon waya da za a gani yanzu, amma imel ko takarda ba ka san lokacin da za a buɗe su ba, don haka sallama ta fi.

In ba ka san komai game da mutumin ba fa? Kada ka ƙirƙira kusanci. Yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne da wanda ya haɗa ku: "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne ɗan wajen Hajiya ta Jekadafari, ita ta ba ni lambarka." Baƙo ya fi son ya san wanda ke magana fiye da a yi masa fatan lafiya. In kuma kun shekara ba ku gaisa ba sai yau da buƙata ta taso, dogon fata ba zai ɓoye komai ba, kowa ya san gaisuwa da roƙon iri. Gara ka faɗa da kanka: "Kwana da yawa, na yi laifin zumunci, a yi mini afuwa. Wata buƙata ce ta taso."

Mataki na 4: Jimlar da ke gaban rufewa

Yawancin mutane a nan suke saka "ina fatan za a duba ƙorafina da idon rahama" ko "ina jiran amsarka cikin gaggawa". Ta farko ba ta faɗi abin da za a yi ba. Ta biyu kuwa, in babba ka rubuta wa, umarni ne ka ba shi. Ka faɗi aikin da ranar, sannan ka bar masa ƙofa. Ga malamin jami'a, alal misali: "Ranar Juma'a ake rufe karɓar takardun. In Malam ya sami sarari ya sa hannu kafin Alhamis, sai in zo ofis in karɓa a lokacin da ya ga ya dace." Ranar tana nan, dalilinta yana nan, kuma ba ka tsaya a kansa ba.

Mataki na 5: Zaɓi rufewa

Nan ne aikin yake. Rufewar Hausa yawanci gaɓa biyu ce, addu'a da sallama, kuma addu'o'in nan kowace da inda take fuskanta. Akwai masu hawa sama, akwai masu gangarowa ƙasa, akwai na tsara.

"Allah ya yi maka albarka" daga babba take zuwa ga yaro. Uwa ce ke faɗa wa ɗa, malami ya faɗa wa ɗalibi. In ka rufe saƙonka ga kawunka da ita, ka hau kujerarsa. Haka "Allah ya ƙara basira" da "Allah ya yi jagora", sun fi dacewa daga sama. Abin da yaro ke aika wa babba shi ne "Allah ya ƙara girma", "Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana", ko "Allah ya saka da alheri". Ga malamin addini, "Allah ya ƙara wa Malam lafiya". Ga basarake, "Allah ya ja zamani" ko "Allah ya ƙara wa sarki lafiya". A nan sai ka tabbatar da sunan sarautar kafin ka rubuta, don a kudancin jihar nan ba a cewa sarkin Kaltungo a takarda, Mai Kaltungo ake cewa, kamar yadda ake cewa Mai Tangale a Billiri. Tsakanin tsara da dangi, "Allah ya bar zumunci". Tsakanin 'yan kasuwa, "Allah ya ƙara buɗi".

Akwai kuma addu'o'in da kamanninsu na alheri ne amma ba a rufe saƙon arziki da su. "Allah ya kyauta" tana nufin wani abu ya ɓaci. "Allah ya shirya" faɗa ne. "Allah ya sawwaƙe" sai ga wanda wani abu ya sama.

Sai sallamar kanta. "Ka huta lafiya" ta tsara ce ko ta wanda ka girma. Ga babba, cire "ka" ka sa "a": "A huta lafiya", "A gaida gida". Wannan ɗan harafi shi ne rusunawar rubutu. "Wassalam" ta dace da takarda da sanarwa da imel na aiki, kuma daɗaɗɗiya ce, tsofaffin wasiƙun sarakuna da "haza wassalam" ake rufe su. Amma a hirar WhatsApp, musamman bayan 'yar gardama, in ka tura "wassalam" ita kaɗai, ka rufe ƙofa ke nan, ko kana nufin haka ko ba ka nufi ba.

Kalmar "naka" ita ce na fi gyara wa mutane. Iƙirari ce, kana cewa ni mutuminka ne. Ga aboki da ɗan'uwa daidai ne. "Naka mai biyayya" tana da wuri a takardar neman aiki ko takardar ma'aikaci ga shugaba, amma ba a imel ɗin yau da kullum ba. "Naka mai ƙaunarka har kullum" kuwa a bar wa masoya da iyali. Namijin da ke rubuta wa matar aure kan harkar aiki ko ciniki kada ya sa "naki" ko kaɗan. Wayar nan wani lokaci a hannun yara take, wani lokaci a hannun maigida, kuma ba za ka kasance a wurin ka yi bayani ba. "Na gode, Hajiya. A gaida Alhaji da yara" ta gama komai. Mace ma da ke rubuta wa abokin aiki, "Na gode, a huta lafiya" da cikakken sunanta sun ishe ta.

A Gombe muna cuɗanya da juna, Musulmi da Kirista, a ofis ɗaya da kasuwa ɗaya. "Ɗan'uwanka a Musulunci" da "naka cikin Almasihu" na cikin gida ne, kowa da wanda suke addini ɗaya. In ba ka san addinin mutum ba, kada ka yi hasashe daga suna, don Musa da Yakubu da Maryamu suna kowane ɓangare. "Na gode ƙwarai, Allah ya taimaka, a huta lafiya" ba ta ɓata wa kowa.

Mataki na 6: Suna

Ga iyaye da ƙannensu da yayyensu, "ɗanka" ko "'yarka". Ga Goggo, "ɗanki". Ga Adda ko Hamma, "ƙaninki", "ƙanwarka". Ga malami, "ɗalibinka". Ga ubangida a kasuwa, "yaronka", kuma ba ƙasƙanci ba ne, mai furfura ma yakan rubuta ta ga wanda ya koya masa sana'a. Ga suruki, kada ka yi yawan magana: gaisuwa cikakkiya, ladabi, da "ɗanku". Amma kada ka kira kanka ɗan wanda bai san ka ba. Na sha ganin masu neman taimako suna rubuta wa babban mutum "ɗanka na cikinka" alhali bai taɓa ganinsu ba, kuma masu karanta masa takardu sun saba da irin wannan. Ga baƙo, cikakken suna, abin da kake yi, unguwarka da lambar waya.

Mataki na 7: Mu gwada da bin bashi

A ce kai matashi ne mai sayar da hatsi a Tudun Hatsi. Wani Alhaji daga Kumo, sa'an mahaifinka kuma tsohon abokin cinikin rumfarku, ya ɗauki masara ya biya wani kaso, saura naira 180,000, da alkawarin mako biyu. An yi mako uku shiru. Ka kuma ji ya aurar da 'ya a tsakanin. Ga irin abin da mai koyo ke turawa:

"Salam Alhaji, da fatan kana lafiya kamar yadda nake lafiya. Maƙasudin saƙona shi ne maganar kuɗina. Ina jiran amsarka cikin gaggawa. Naka har kullum."

Duba yadda sassan ke faɗa da juna. Buɗewar ta nuna ba ka ma san ya yi biki ba. Ba a faɗi adadi ba, ba a faɗi rana ba. "Cikin gaggawa" tsawa ce ga sa'an uba, sannan "naka har kullum" ta zo tana lallashi. Alhaji zai ji haushin tsawar, kuma ya gane daga lallashin cewa za ka iya ƙara jira. Ga yadda zan tsara shi:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Ya gajiyar biki, ya aka ji da jama'a? Allah ya ba su zaman lafiya. Ina tuni ne kan cikon kuɗin masara, naira 180,000. Ranar Asabar zan biya waɗanda suka kawo mini kaya, shi ya sa na ce bari in sanar tun da wuri. Allah ya ƙara girma da buɗi. A gaida gida. Yaronka, Wane, Tudun Hatsi."

Gaisuwar ta nuna ka san abin da ya ci masa kuɗi, ba tare da ka ce shi ne dalili ba. "Ina tuni" ta ba shi damar cewa mantuwa ce. Ranar Asabar ta zo da dalilinta. Rufewar kuma ta bar shi a matsayinsa na babba.

In Asabar ta wuce ba amsa, saƙo na biyu zai rage gaisuwa amma ba zai rage ladabi ba: "Assalamu alaikum, Alhaji, an wuni lafiya? Har yanzu ina saurare kan cikon nan na 180,000. In duka ba zai samu ba yanzu, a faɗa mini abin da zai samu da ranar sauran, in san abin da zan gaya wa masu kaya. Na gode, a huta lafiya. Wane." Ka lura "yaronka" ta fita, doguwar addu'a ta fita. Alhaji zai lura, domin an yi ne don ya lura.

Na uku, in har an kai can, shi ne mai "wassalam" da cikakken suna: adadi, ranar da aka ɗauki kaya, ranar da aka yi alkawari, da sanarwar cewa za ka shigo da dattijon da ya haɗa ku ko shugabannin kasuwa. Babu zagi, babu "Allah ya kyauta", don wannan saƙon wasu za su karanta shi ranar sulhu. Kuma tsakanin na biyu da na uku, ka kira shi a waya ko ka taka ka je Kumo.

Abin da za ka ɗauka a nan ya shafi kowane saƙo: wanda ya saba ganin "ɗanka" a ƙasan saƙonka, ranar da ya ga suna tsirara zai tambayi kansa me ya faru. Kada ka sauya rufewar da kuka saba da ita don gaggawa kawai.

Mataki na 8: Dubawar ƙarshe

Karanta layin farko da na ƙarshe da baki, kamar mutumin yana zaune a gabanka. Abin da bakinka ya ji nauyin faɗa, goge shi. Sannan ka gwada da saƙonsa na baya. In babba ya rufe nasa da "na gode" kawai, wannan ba izini ba ne kai ma ka gajarta, ka tsaya mataki ɗaya sama da shi a ladabi. In tsaranka ne, bi sawunsa. In kuma kuna ta musayar saƙo a rana ɗaya, gaisuwa da rufewa na saƙon farko ne da na ƙarshe, na tsakiya ba sa buƙata.

Masu imel su leƙa sa hannun da ke fita da kansa. A Gmail na kwamfuta yana ƙarƙashin Settings, See all settings, General, Signature. Ka bar suna da muƙami da lambar waya kawai a wurin, kada ka saka addu'a ko kalmar rufewa, in ba haka ba saƙon ta'aziyya da na neman kwangila za su fita da rufewa iri ɗaya. In saƙon murya za ka yi wa dattijon da ba ya karatun boko, tsarin bai sauya ba, sai dai sunanka ya dawo farko: sallama, ka faɗi ko kai wane ne tun kafin ya fara tambayar yaran gida muryar wa ce wannan, sai gaisuwa, sai buƙata, sai addu'ar da ta dace da shi.